Kuɗi na cikin asusun waya amma ya ƙi fita: yadda za ka gano dalili ka kuma gyara

Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk sati sai wani ya tare ni da waya a hannu yana nuna min balas ɗinsa, "Malam duba fa, ga kuɗi nan kwance amma ta ƙi tafiya". Da yawa suna ɗauka natwok ne, wasu kuma har sun fara zargin an yi musu kutse. Mafi yawan lokuta ba ko ɗaya ba ne. Kuɗin da kake gani a fuskar waya daban, kuɗin da aka yarje maka ka fitar a yau daban, kuma manhajar ba ta cika nuna maka na biyun ba sai ka shiga ka nema da kanka.

Zan bi da ku ta kan abin da ya faru da ƙanena a Kantin Kwari ana saura 'yan kwanaki Sallah, don da shi ne abin zai fi fitowa fili. Tela ne, ya je sayen yadi da kayan aiki, aka yi ciniki aka tsaya a naira 42,000, har yaron shago ya gama ɗaure kaya a leda. A asusunsa akwai naira 187,400. Ya danna tura kuɗi, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya kashe data ya kunna, ya fito bakin layi wai ko sabis ne, duk a banza, ga mai shago yana kallonsa ga wasu masu saye a bayansa suna jira. Nan ya kira ni muryarsa har rawa take. Abin da na sa shi ya yi a waya shi ne zan jero a nan, a tsarin da ya kamata a bi.

1. Dakata da dannawa, karanta abin da ta rubuta

Abu na farko da na tambaye shi, me ta rubuta maka? Sai ya ce ai bai karanta ba, ya ga jan rubutu ne kawai ya rufe. Haka kusan kowa yake yi, alhali rabin amsar tana cikin wannan ɗan layin. Ka sake gwadawa sau ɗaya tak, in saƙon ya fito ka ɗauki hoton allon kafin ya ɓace.

In ka ga kalmar `limit`, kamar `Daily limit exceeded` ko `Transaction limit exceeded`, maganar iyaka ce, ka wuce zuwa mataki na 3 da na 4 a ƙasa. In `Insufficient funds` ko `Insufficient balance` ta rubuto alhali kana ganin kuɗi, mataki na 2 ne naka. In `restricted` ko `frozen` ko `Post No Debit` ka gani to an ɗaure asusun ne, wannan maganarsa daban, tana mataki na 8. In kuma `Pending` ko `Processing` ne, ba a ƙi ba tukuna, kuɗin suna kan hanya.

Idan da kati kake biya a wajen mai POS, ka karɓi rasit ɗin da injin ya fitar ko da bai yi ba, akwai lamba a jiki. `51` na nufin kuɗi ba su isa ba, `61` an wuce iyakar cirewa, `55` lambar sirri ce ba daidai ba, `91` kuma bankin da ya ba ka katin ne ba ya amsawa a lokacin. A cikin huɗun nan `91` ce kaɗai za a kira matsalar natwok, ita ce ake jira a sake gwadawa an jima.

Gargaɗi: in ka ga `Pending` kada ka sake turawa, ko mai kaya yana maka tsiya. Na sha ganin wanda ya danna sau uku, bayan rabin awa duka ukun suka tafi, sai aka koma roƙon mai shago ya dawo da biyu. Ka shiga tarihin hada-hadar asusun ka ga matsayin ta farkon kafin ka yi komai.

2. Tabbatar kuɗin da kake gani masu fita ne

Wannan gajere ne amma yana kama mutane. Manhajoji da yawa suna da wani ɓangare na ajiya, wani ma a kulle yake sai ranar da ka sa, kuma wani allon yana haɗa duka ya nuna maka jimla guda. Ka nemi inda aka rubuta `Available balance`, wannan ne kuɗin da za su iya fita yanzu. Haka in ɗazu ka yi amfani da kati aka cire maka amma mai POS bai gani ba, kuɗin suna rataye har sai sun dawo, ba za ka iya kashe su ba.

Sai kuma caji. In kana da 42,000 cif kuma kana son tura 42,000 cif zuwa wani banki, ba za ta tafi ba, domin akwai kuɗin turawa, daga naira 10 zuwa 50 da 'yan kai gwargwadon kamfani da yawan kuɗin, ga kuma harajin naira 50 da gwamnati take karɓa a kan duk turawar da ta kai 10,000, wanda tun farkon 2026 mai turawa ne yake biyansa ba mai karɓa ba. Ka rage naira 100 ka gwada, in ta tafi to ka gano.

Ƙanena dai ba wannan ba ne matsalarsa, kuɗinsa sun ninka abin da zai biya sau huɗu.

3. Gano matakin da asusunka yake

Nan ne gundarin maganar. Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya raba asusu zuwa mataki uku tun 2013, gwargwadon yadda kamfanin ya san ko kai wane ne. Wanda ya ba da bayani kaɗan, kuɗi kaɗan ake bari ya motsa. A manhaja za ka ga an rubuta `Tier 1`, `Tier 2`, `Tier 3`, wasu kuma `Level` ko `KYC` suke sawa. Ka shiga inda hotonka da sunanka suke, yawanci `Me` ko `Profile`, ka nemi `Account limits` ko `Upgrade account`, a nan za ka ga matakinka da alƙaluman da suka shafe ka.

A ƙa'idar CBN ta asusun waya, kowane mataki yana da iyaka iri biyu, kuma dole ka rarrabe su don ba aiki ɗaya suke ba. Ta farko ita ce jimlar abin da za ka iya motsawa a rana guda. Ta biyu ita ce mafi yawan kuɗin da asusun zai iya riƙewa.

Mataki na ɗaya, naira 50,000 a rana, kuma asusun ba zai riƙe fiye da 300,000 ba.
Mataki na biyu, naira 200,000 a rana, ya riƙe har 500,000.
Mataki na uku, naira miliyan 5 a rana, ba shi da iyakar abin da zai riƙe.

Ka lura da tazarar da ke mataki na ɗaya. An yarda ka tara har 300,000 amma 50,000 kawai za ka iya fitarwa a yini, ma'ana in ka cika shi maƙil sai ka yi kwana shida kana kwasa kafin ka gama fitar da kuɗinka. Daga nan ruɗanin yake tasowa, mutum yana ganin dubu ɗari da tamanin a allo yana ganin ai nasa ne, kuma nasa ne ɗin babu wanda ya taɓa su, ƙofar fitar ce ƙarama.

Waɗannan alƙaluma su ne rufin sama, kamfani yana iya sa nasa ƙasa da haka, kuma asusun banki na gargajiya yana da nasa lissafin. Don haka abin da ka gani a shafin asusunka shi ne abin da za ka yi aiki da shi, ba abin da abokinka ya ce nasa yana yi ba.

Da ƙanena ya duba sai ga `Tier 1` ɓaro-ɓaro. Wani yaro ne ya buɗe masa asusun a bakin titi cikin minti biyar, tun ranar bai sake waiwayarsa ba saboda bai taɓa tura abin da ya wuce dubu goma sha wani abu ba a rana.

4. Lissafa abin da ka riga ka kashe yau

Da na ce masa iyakarsa 50,000 ce sai ya ce to ai 42,000 zai tura, ba ta kai ba. Wannan ne kuskuren da ya fi kowane yawa. Iyakar rana ba ta turawa ɗaya ba ce, jimla ce ta duk abin da ya fita tun safe. Na ce ya buɗe `Transaction history` ya karanto min na yau kawai.

Da safe ya tura wa maiɗakinsa 18,000 na cefane da kayan yara. Ya sayi wuta ta mita 5,000. Ya sayi data 2,000. Ya ma manta da na wutan gaba ɗaya, shi a ganinsa wannan ba tura kuɗi ba ne. Jimla 25,000. In ka cire 25,000 daga 50,000, abin da ya rage masa na ranar 25,000 ne, shi kuma yana neman fitar da 42,000, ya haura da 17,000. Manhajar ba za ta tura abin da ya halatta ta bar sauran ba, ƙin duka za ta yi.

To haka za ka yi naka. Ka tara duk abin da ya fita yau, turawa ga mutane, katin waya, data, wuta, kuɗin kallo, cirewa da kati. Kamfanoni sun bambanta kan abin da suke sawa a cikin lissafin, wani yana haɗa komai, wani yana ware katin waya gefe, shi ya sa in manhajarka tana nuna abin da ya rage maka na yau, kamar `Remaining limit`, ka dogara da shi. In ba ta nunawa, ka gwada tura ƙaramin abu kamar naira 500 zuwa wani asusun naka. In ƙaramin ya tafi babban ya ƙi, to ba natwok ba ne kuma ba a ɗaure ka ba, iyaka ce.

Yaushe iyakar take sabuntawa? A yawancinsu da ƙarfe 12 na dare take komawa sabuwa, ba da asuba ba, kuma ba lokacin da ka buɗe shago ba. Akwai kuma masu ƙirga awa 24 daga lokacin da ka yi turawar. In ka gwada bayan sha biyun dare ta sake ƙi, to naka irin na biyun ne, sai ka jira lokacin da ka yi babbar turawar jiya ya zagayo.

Gargaɗi: raba kuɗin gida biyu ko uku ba ya tsallake iyakar rana. In ka tura 21,000 sau biyu, ta farko za ta tafi ta biyu ta maƙale, sai ka zama ka biya rabi ba ka karɓi kaya ba. Rabawa tana amfani ne kawai in matsalar iyakar turawa guda ce, wadda ake rubutawa `Single transaction limit`. Ka yi lissafi tukuna ka faɗa wa mai kaya nawa za ka iya turawa kafin ka danna.

5. Duba ta wace hanya kake biya

Ko matakinka babba ne, kowace hanya tana da nata ƙaramin shinge a ciki. Ta lambobin dannawa, irin masu farawa da `*` su ƙare da `#`, ƙa'idar CBN ta 2018 ta tsayar da 100,000 a rana ga mutum ɗaya, kuma abin da ya wuce 20,000 ana neman ƙarin shaida bayan lambar sirri. Shi ya sa mai mataki na uku zai iya kasa tura 150,000 ta ƙaramar waya amma ya tura ta manhaja ba wata matsala. A wajen masu POS kuma, tun Disamban 2024 CBN ya ce kada a ba mutum ɗaya tsabar kuɗi fiye da 100,000 a rana da 500,000 a sati, don haka in ya ce maka ba zai iya ba, ba lallai wulaƙanci ba ne.

Akwai kuma iyakar da kai da kanka ka sa ka manta, ko wanda ya saita maka wayar ya sa. Tana cikin `Settings`, ɓangaren `Security` ko saitin kati. Na taɓa ganin wata baiwar Allah mai sayar da turaren wuta tana mataki na uku amma iyakarta a saiti 30,000, minti ɗaya aka yi aka ɗaga ta. Sannan in sabuwar waya ka canza, ko ka sake lambar sirri jiya-jiya, wasu kamfanonin suna rage maka abin da za ka iya fitarwa na ɗan lokaci saboda ɓarayin waya, wannan haƙuri kawai ake yi.

Ƙanena ya so ya zaga ta wajen mai POS ya ciro tsaba da katinsa. Na ce ya gwada in yana so amma katin da manhajar rijiya ɗaya suke ɗiba. Ya je, rasit ya fito da `61`.

6. Wataƙila ba kai ba ne, mai karɓa ne

Wannan mutane ba su cika tunaninsa ba. In wanda kake tura wa yana mataki na ɗaya kuma yana da 280,000 a ciki, ka tura masa 42,000, jimlar za ta zama 322,000, ta haura 300,000 da aka yarda ya riƙe. Abin da zai faru ya danganta da kamfaninsa. Ko dai a ƙi karɓa nan take, ko a cire maka a dawo da su daga baya, ko kuma su shiga amma a riƙe masa su sai ya ɗaga matakinsa. Na ukun ne mai haɗa faɗa, domin kai kana da rasit ɗin cewa sun tafi shi kuma yana rantsuwa bai ga komai ba, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Alamarsa ita ce kana iya tura wa kowa amma shi kaɗai ta ƙi. Ka ce ya ba ka wani asusun, ko ya fitar da wasu daga nasa tukuna. Masu ƙananan sana'a, musamman mata masu sayar da kaya daga gida lokacin azumi da Sallah, wallahi ku lura da wannan, ciniki yana buɗewa asusun ya cika ba ku sani ba, masu saye suna ta cewa lambarku ba ta karɓar kuɗi har wasu su tafi wani wajen.

7. Ɗaga matakin asusun

A ranar dai abin da aka yi, ƙanena ya tura 24,000, ya bar ɗan sarari saboda caji, ni na cika 18,000 daga nawa ya kwashi kayansa. Amma ba kullum za ka samu mai cika maka ba, maganin gaske shi ne ɗaga mataki, kuma a gida ake yinsa cikin natsuwa ba a tsakiyar kasuwa ba.

Abin da za ka tanada: lambar BVN, lambar NIN, kowacce lamba 11 ce, layin wayar da ka yi musu rajista da shi a kusa da kai saboda saƙon lambar tabbatarwa, sai wuri mai haske. In ka manta BVN ɗinka ka danna wannan a layin da aka yi rajistar da shi:

```
*565*0#
```

Na NIN kuma:

```
*346#
```

Ana cire ɗan kuɗi daga katin wayarka a kowanne, don haka ka rubuta su a takarda ka adana.

Tun sanarwar CBN ta Disamban 2023, mataki na ɗaya ma sai da BVN ko NIN, ɗaya daga ciki, mataki na biyu da na uku kuwa sai da duka biyun. Don haka daga ɗaya zuwa biyu yawanci abin da ake nema shi ne ka ƙara wadda ba ka sa ba. Ka danna `Upgrade`, ka shigar da lambar, a turo maka lambar tabbatarwa ka sa, sannan kyamara ta buɗe ta ɗauki fuskarka, ta ce ka ƙifta ido ko ka juya kai. Ka cire hula da tabarau, ka fuskanci taga kada hasken ya zama a bayanka. Mace ba sai ta cire hijabi ba, fuskar dai ta fito sosai daga goshi zuwa haɓa, mai niƙabi kuma ta shiga ɗaki ta ɗaga. In komai ya dace, wannan matakin cikin 'yan mintuna yake kammala.

Zuwa mataki na uku kuma shaidar inda kake zaune ake ƙarawa. Yawanci takardar biyan kuɗin wuta ta kwanan nan, wadda ba ta wuce wata uku ba, wani lokacin da hoton katin shaida, wasu kamfanonin har mutum suke aikowa ya ga gidan ko shagon. Ka rubuta adireshin daidai yadda yake a jikin takardar, kada takarda ta ce lamba kaza layi kaza kai kuma ka rubuta "bayan masallacin Juma'a". In haya kake kuma sunan mai gida ne a takardar wutar, wasu suna karɓa in adireshin ya dace, in sun ƙi ka duba jerin sauran takardun da suka ce suna amsa. Wannan matakin yana iya ɗaukar kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki.

Inda mutanenmu suka fi maƙalewa shi ne suna. A BVN an rubuta Mohammed, a NIN Muhammad ko Muhammadu. A ɗaya Aisha a ɗaya Aishatu. A ɗaya sunan mahaifi ne a ƙarshe, a ɗaya sunan gari ko unguwa. Ko ranar haihuwa, wani ma'aikaci ya cika maka 1 ga Janairu don kawai ya sallame ka, ɗaya takardar kuma tana ɗauke da ta gaskiya. Na'ura ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, sai ta rubuto `Details do not match`. Haka ta faru da ƙanena, sunan mahaifinmu an rubuta shi iri biyu. Kamfanin asusun waya ba zai iya gyara maka wannan ba, ko ka kira su sau goma. Gyaran BVN a banki ake yi, gyaran NIN a wajen hukumar NIMC, kuma na NIN akwai kuɗin da ake biya. Ka fara yanke wanne ne daidai, wanda ya dace da sauran takardunka, sai ka gyara ɗayan kawai. Ƙanena a banki ya gyara, ya cike fom, bayan kwanaki ya sake gwadawa ta wuce.

Gargaɗi babba: ɗaga mataki kyauta ne kuma a cikin manhajar kake yi da hannunka. Duk wanda ya kira ka ya ce daga kamfani yake, za a rufe asusunka in ba ka ɗaga ba, ka karanto masa lambar da aka turo maka, ɓarawo ne, ka kashe wayar. Kada ka bi wani mahaɗi da aka turo ta saƙo. In wani zai taya ka saboda karatu, ya zama na gida wanda ka yarda da shi, kuma lambar sirrin kai za ka danna yana kallon wani wajen.

Kuma don Allah kada ka ari asusun wani mai babban mataki kana tara kuɗinka a ciki don gudun wahalar gyaran suna. A takarda kuɗinsa ne. Ranar da ya rasu, ko aka ɗaure asusun saboda wani laifin nasa, ba ka da abin da za ka nuna.

8. In an ɗaure asusun ne

In ko naira 100 ta ƙi fita amma kuɗi suna shiga, ko ka ga `Post No Debit`, to ba iyaka ba ce kuma jiran sha biyun dare ba zai yi komai ba. Dalilan da aka saba gani su ne BVN ko NIN da ba a haɗa ba, ko wani ya kai ƙarar cewa ya turo maka kuɗi bisa kuskure ko an damfare shi kuɗin suka biyo ta asusunka, ko kuɗi masu yawa sun shigo kwatsam ba kamar yadda ka saba ba, ko umarnin kotu. Masu karɓar wa baƙo kuɗi a asusunsu don a ba su ɗan wani abu, yawancinsu nan suke ƙarewa.

Ka yi magana da kamfanin ta cikin manhajar, ɓangaren `Help` ko `Support`, ko ka je ofishinsu da katin shaidarka. Kada ka nemi lambarsu a shafukan sada zumunta, na bogi sun fi na gaske yawa a can. Ka tambaye su abu biyu kai tsaye, mene ne dalilin ɗaurewar, kuma wace takarda suke so ka kawo. In maganar wata turawa ce, ka tanadi shaidar cinikin, hirar da kuka yi da mai sayen, hoton kayan, rasit. Ka karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta tare da ranar.

In kuma an cire maka kuɗi ba su isa ba, ka buɗe rasit ɗin turawar ka kwafo `Session ID`, doguwar lamba ce mai lambobi 30, da ita bankin can zai gano inda kuɗin suka tsaya, hoton allo kaɗai ba ya isarsu. In sati biyu ya wuce da shigar da ƙorafi ba su warware ba, kana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN ta `cpd@cbn.gov.ng`, ka haɗa da lambar ƙorafin, da ranar da ka shigar, da hotunan da ka ɗauka tun mataki na farko.